Kalma Za Ka Sauya Ko Ginin Zancen? Gyaran Maganar Kaka a Cikin Labari

A cikin labaran da ake turo mini in duba kafin a sake su, akwai wani irin layi da ba na rasa cin karo da shi. Yarinya ta shigo gida bayan an idar da sallar magariba, kakarta na zaune a kan darduma a tsakar gida, sai mai rubutu ya sa wa tsohuwar wannan magana a baki:

"Hauwa, me ya sa kika dawo gida a makare? Na gaya miki kada ki riƙa kaiwa magariba a waje, saboda ba na son abin da zai ɓata miki suna."

Hausar daidai take, saƙon ma ya isa. Amma ka sa yatsa ka rufe sunan mai maganar, ka sake karantawa. Uwa za ta iya faɗin haka, yayanta namiji zai iya, malamar Islamiyya za ta iya, har mijin da ya aure ta jiya. Layin bai gaya mana shekarun mai magana ba, bai gaya mana ko mai zafi ce ko mai sanyi ba. Muryar marubucin ce kawai aka sa wa ɗankwali.

Bari mu tsayar da wadda muke so ta yi magana, don gyara ba ya yiwuwa a kan mutumin da ba a sani ba. Kaka ce mai shekara 75, haifaffiyar cikin birnin Kano. Mace ce mai sanyin baki, ba a taɓa jin muryarta a maƙwabta ba, amma in ranta ya ɓaci kowa a gidan yana shan jinin jikinsa. Hauwa jikarta ce ta wajen ɗa, shekararta 19, ɗaliba ce, kuma yau ne karo na uku da ta kai magariba a waje. Hanya uku ce a gaban mai gyara: ya bar layin yadda yake ya yi bayani a gefensa, ko ya sauya kalmomin da ke ciki, ko ya rushe ginin zancen ya sake shi.

Ta farko ita ce mafi sauƙi, ita ce kuma aka fi yi. Sai a ƙara "ta faɗa cikin ɓacin rai da murya irin ta tsofaffi". Ba zan daɗe a kanta ba, domin ba gyaran layi ba ce. Mai karatu ya riga ya ji maganar a kunnensa tun kafin ya kai ga bayanin, ya ji ta a miƙe, ba zafi ba sanyi, sannan aka ce masa wai fushi ne. Abin da ya ji shi zai gaskata. Duk da haka bayanin gefe yana da gurbinsa, kuma dalilin yana cikin yadda muke rubuta Hausa. Ba ma sa alamar karin sauti ko tsawon wasali a rubutun yau da kullum, don haka "To" ɗaya a takarda tana iya zama yarda, ko gargaɗi, ko sallama. In layin gajere ne ƙwarai, dole wani abu a gefensa ya riƙe shi. Sai dai abin da ya fi riƙewa shi ne aikin da ido zai gani, kamar ta ajiye carbi ko ta juyar da kai, ba sunan yanayin zuciya ba.

Gardamar gaskiya tana tsakanin hanya ta biyu da ta uku.

Mai bin hanyar kalmomi yana da wani ɗan buhu da yake buɗewa duk lokacin da tsohuwa za ta yi magana. A ciki akwai "ja'ira", da "'yar nan", da "ni 'yasu", da "mu a zamaninmu", da karin magana biyu ko uku. Ga abin da layinmu yake zama a hannunsa:

"Ke ja'ira, daga ina kike da almurun nan? Ni 'yasu! Mu a zamaninmu budurwa ba ta kai faɗuwar rana a waje. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho."

A ba wa wannan hanya haƙƙinta, tana aiki nan take. Tun daga kalma ta biyu kowa ya san tsohuwa ce. Ba ta buƙatar shimfiɗa, ba ta buƙatar mai karatu ya tuna babin da ya wuce. Kalmar "almuru" kaɗai ta ƙara wa mai magana shekaru, don da wuya ka ji ta a bakin 'yar jami'a. Wanda ke karatu a waya cikin sauri, yana jiran shafin gobe, ba zai ruɗe ba.

Amma a duba me aka samu, me aka rasa. An samu tsohuwa, an rasa kakarmu. Mun ce mai sanyin baki ce, wannan kuwa ta jera jimla biyar ba ta ja numfashi ba. Kuma akwai ɓarnar da ta fi wannan, wadda marubuta da yawa ba sa lura da ita. Tsakanin kaka da jika akwai wasa. Kaka takan kira jikarta mace kishiya, jikanta namiji ta ce mijinta ko maigidanta, su yi ta zolayar juna. A cikin wannan dangantaka "ja'ira" ba zagi ba ce, kusan kalmar so ce. Bahaushen da ya karanta "Ke ja'ira" daga bakin kaka zuwa ga jika, murmushi zai yi, ya ɗauka faɗan wasa ne. Marubuci yana son Hauwa ta shiga ɗaki jikinta a sanyaye, kalmar da ya zaɓa kuwa ta ba ta damar ta ce "Kai Kaka, ke dai kin cika mita" ta wuce abinta. Kalmar ta nuna shekaru, ta kuma kashe fushin.

Karin maganar ma haka. Dattijo a zahiri ba ya jera su kamar mai gasar makaranta. Sau da yawa ma ba ya ƙarasawa, sai ya ce "Wanda bai ji bari ba..." ya yi shiru, don ya san mai sauraro ya san ragowar. Karin magana biyu a jere, cikakku, alama ce ta marubuci yana nuna abin da ya haddace. Wanda ransa ya ɓaci da gaske kuma ba shi da sararin ƙawata zance.

Sai matsalar lissafi, wadda ita na fi ganin tana kayar da masu buhun kalmomi. Tsohuwar kalma tana da shekarar da ta dace da ita. A ce labarin yana faruwa a 2024. Kakarmu mai shekara 75 an haife ta a 1949. Lokacin da naira ta maye gurbin fam a 1973, fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ya koma kwabo goma, tana da shekara 24, ta yi cefane da tsohon kuɗi. In ta ce "ko sisi ba ni da shi", ko ta tuna sadakinta da fam, daidai ne. Amma uwar Hauwa mai shekara 45 an haife ta a 1979, bayan an fara shirin firamare kyauta na 1976, mai yiwuwa ta yi sakandare, mai yiwuwa ma'aikaciya ce. In ka sa ta tana lissafi da fam don kawai ka nuna ta manyanta, ka ƙara mata shekara talatin da ba nata ba. Ita kakar ma kada a mai da ita baƙuwar zamani. Wayar hannu ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, tana da shekara 52 a lokacin. Ta fi shekara ashirin tana ganin waya, ta san caji, ta san kati. Tsohuwar da ke kiran waya "abin nan naku mai magana" a labarin 2024 an ƙirƙire ta ne don a yi dariya, ba don a yarda da ita ba.

Akwai kuma masu ɗauko karin harshen wani gari su sa a bakin tsoho, wai don ya tsufa. Sai ka ga kakar da aka ce 'yar cikin birnin Kano ce tana cewa "munka" da "wanga" da "ɗiyata". Wannan bai tsufar da ita ba, ya ɗauke ta ne ya kai ta ƙasar Sakkwato, inda yaro ɗan shekara goma ma haka yake magana. In labarin ya nuna aure ne ya kawo ta Kano daga can tana yarinya, to ya zama ado, har ma ana iya barin harshen garinsu ya riƙa dawo mata lokacin da ranta ya ɓaci. In ba haka ba, kuskure ne.

Hanya ta uku ba ta fara da tambayar wace kalma tsofaffi ke amfani da ita. Tana farawa ne da yadda wannan matar take kiran wannan yarinyar, da abin da take auna lokaci da shi, da abin da ba za ta taɓa tsayawa ta bayyana ba.

Mu fara da suna, don a Hausa sunan da aka kira mutum da shi yana ɗauke da rabin dangantakar. Hauwa ɗaya ce, amma kakarta za ta iya kiranta Kulu, mahaifinta ya ce Hauwa'u, ƙawayenta su ce Jidda. In Hauwa ta ci sunan mahaifiyar kakar ne, ko na surukarta, da wuya tsohuwar ta furta sunan, sai dai ta ce "Uwata" ko wani laƙabi. Da a ce uwa ce ke magana kuma Hauwa ce 'yar farinta, a gidajen da ake riƙe da alkunya ba za ta kira sunan ba sam, "ke" za ta ce. Saboda haka kalmar farko ta asalin layinmu, wato "Hauwa", ita ce ta fara ɓata shi, domin babu wanda ke kiranta haka a gidan sai marubuci. A ce kakarmu kullum "Kulu kishiyata" take cewa. Ranar da ta ajiye wannan ta ce "Hauwa'u", ko ta ƙi kiran suna gaba ɗaya, yarinyar ta san wasa ya ƙare, mai karatu ma ya sani.

Na biyu shi ne ma'aunin lokaci. "A makare" ba ta da shekaru. Matashi da agogo yake auna dare, tsohuwar da ke kan darduma da kiran sallah take aunawa. Wannan ba tsohuwar kalma ba ce, kowa yana cewa magariba da isha. Abin da ke nuna shekaru shi ne a ce da su take ƙirga laifin.

Na uku shi ne jelar layin, wato "saboda ba na son abin da zai ɓata miki suna". Babba ba ya ba ƙarami dalilin dokarsa a tsakiyar faɗa. Wannan jelar an rubuta ta ne don mai karatu, shi kuwa Bahaushe ne, ya san abin da ake gudu in budurwa ta kai dare. A yanke ta. Yawan bayani yana rage wa mai magana girma, yana mai da shi kamar mai neman a fahimce shi.

Yanzu sai halin zuciya, kuma a nan ne Hausa ta ba mu kayan aikin da ba a cika taɓawa ba, wato ƙananan kalmomin nan da ke gyara zance. Ɗauki "Na gaya miki" ka ji yadda take juyawa. "Na gaya miki fa" gargaɗi ne, akwai abin da zai biyo baya. "Ai na gaya miki" ta mai tuni ce, abin ya riga ya faru, tana nuna gaskiyarta. "Ba na gaya miki ba?" ta fi zafi, tana neman a amsa laifi. "Ni dai na gaya miki" kuwa ta mai janye hannu ce, ta sauke nauyi, sauran ya rage naki. Saƙo ɗaya ne, mata huɗu ne. Kakarmu mai sanyi ta ƙarshen ce tata, domin fushin irin waɗannan mutane ba ya zuwa da matsowa, da ja da baya yake zuwa.

Akwai wasu abubuwa biyu na nahawu da suke yi wa mai sanyin fushi aiki. Ɗaya shi ne a daina ce wa mutum "ke" ko "kin", a koma "an" da "ana", kamar ba da shi ake ba. "Kin dawo?" tambaya ce. "An dawo?" daga bakin wadda ta saba jan ki da wasa, ƙofa ce aka tura. Ɗayan shi ne sigar nan ta abin da zai iya zuwa, irin "kya gani", "ma gani", "kwa yi bayani". Ba ta da gaggawar "za ki gani". Ta mutumin da ya ga abubuwa da yawa ce, wanda ba ya sauri don ya san lokaci yana bayansa. Ga yadda wurin yake komawa:

Kaka ba ta ɗago ba.

"An dawo?"

"Na dawo, Kaka. Wallahi motar ce ta..."

"An kira magariba, an idar." Ta ja carbi ɗaya. "Hauwa'u, ni dai na faɗa. Uku ke nan."

Babu tsohuwar kalma ko ɗaya a ciki, babu karin magana, babu alamar motsin rai. Kalmomin kakar ba su kai rabin na wancan gyaran ba. Amma ta katse uzurin ba tare da ta ɗaga murya ba, ta ƙirga laifin da sallah, ta ajiye sunan wasa, ta kuma nuna tana lissafe. "Uku ke nan" ta fi duk wata barazana nauyi, don ba ta faɗi abin da zai faru a na huɗu ba.

Ita ma wannan hanya tana da raunin da ya kamata a sani kafin a zaɓe ta. Na farko, bashi take ci daga babin baya. "Hauwa'u" ba za ta yi zafi ba sai in mun riga mun ji "Kulu kishiyata" sau da dama. In wannan ne karon farko da kakar ta bayyana, mai karatu zai ɗauka haka take kiranta kullum, dukan ya tashi a banza. Na biyu, "An dawo?" a takarda tana iya zama gaisuwar maraba, shi ya sa na sa "ba ta ɗago ba" a gabanta. A nan hanya ta farko ta shigo ta tallafa. Na uku, ginin zance ya fi ƙwarewa wajen nuna hali da matsayi fiye da shekaru. Uwar miji mai shekara hamsin za ta iya cewa "An dawo? Ni dai na faɗa." Abin da ya riƙe shekarun a misalin nan shi ne carbi da ƙirgen sallah da sunan Kaka da yarinyar ta ambata. In aka cire su, an san babba ce mai sanyin fushi, amma ba a san ko ta kai saba'in ba.

Don a ga iyakar kowace hanya sosai, mu bar shekarun yadda suke mu sauya halin. A ce kakar mai zafi ce, irin wadda maƙwabta suka san muryarta. Mai buhun kalmomi ba shi da abin da zai ƙara sai zagi da alamar motsin rai uku a jere, domin buhunsa na tsofaffi ne gaba ɗaya, bai raba mai zafi da mai sanyi ba. Mai gini kuwa zai rubuta:

"Ke! Tsaya nan. Daga ina? Na ce daga ina? Kiran sallah nawa aka yi kina waje? Bari uban naki ya shigo."

Zafin yana cikin umarni tsirara, "tsaya" ba "ki tsaya" ba, balle "ɗan tsaya mana". Yana cikin tambayoyin da ba sa jiran amsa, da maimaicin "na ce". Shekarun kuma suna cikin "uban naki". Mutum ƙalilan ne a gidan za su iya ambaton maigida haka a gaban 'yarsa, kuma ta farkonsu ita ce wadda ta haife shi. Kalma biyu sun ɗora ta a saman kowa.

Mu sauya shekarun kuma, mu bar zafin. Yayan Hauwa ne, ɗan shekara 25:

"Ke, ƙarfe nawa yanzu? Duba wayarki ki gaya min. Sau nawa na kira ki? Wallahi ki sake ki gani."

Gajerun jimloli iri ɗaya ne da na kaka mai zafi, don zafi ba shi da shekaru. Bambancin shi ne shi da agogo da kiran waya yake ƙirgawa, yana rantsuwa don ikonsa bai kai a ji tsoronsa haka kawai ba, kuma da kansa yake barazana. Kakar ba ta buƙatar rantsuwa. Wannan abu ne da na ga yana taimaka wa masu gyara: yawan "wallahi" a faɗa yakan nuna wanda yake neman a yarda da ikonsa, ba wanda ya riga ya samu ba.

Ƙanwarta 'yar shekara bakwai kuwa ba faɗa za ta yi ba, rahoto za ta kawo:

"Yaya Jidda kin shiga uku, Kaka ta ce wai in kin dawo wai ki je, kuma Abba ma ya tambaya, kuma ni na ce ban sani ba."

Babu buƙatar a lalata mata haruffa don a nuna yarinta, irin yadda wasu ke rubuta maganar 'yar shekara bakwai kamar ta mai shekara biyu. Yarintar tana cikin "wai" da aka ninka, da jimlolin da aka ɗinke da "kuma" ba tsayawa, da yadda ta ƙare da wanke kanta.

To wace za a ɗauka? Ya danganta da tsawon zaman da mai maganar zai yi a labarin. In tsohuwa ce da aka haɗu da ita sau ɗaya a layin asibiti ko a cikin mota, za ta faɗi magana biyu ta ɓace, hanyar kalmomi ta ishe ka. Ba ka da babin baya da za ka ci bashinsa, ba ka kuma da bukatar a san zurfin halinta. "'Yar nan, matsa mini" ta gama aikin. Sharaɗin kawai shi ne kalma ɗaya ko biyu, kuma ka yi lissafin shekarar haihuwarta tukuna.

In kuwa tauraruwa ce da za a yi babi ashirin da ita, buhun kalmomi zai ƙare tun a babi na uku, daga nan sai maimaici, mai karatu ya fara tsallake maganarta don ya san abin da za ta ce. Ita gini take buƙata. Abin da nake ba masu rubutu shawara shi ne su zauna kafin su ci gaba, su tsayar da abu uku game da ita: sunan da take kiran kowa da shi lokacin lafiya da wanda take komawa lokacin ɓacin rai, ƙaramar kalmar da ta fi zama a bakinta, da ko fushinta tsawaita zance yake yi ko gajarta shi. A fitowarta ta farko a bar mata tsohuwar kalma ɗaya don a kafa shekarun. Bayan nan ba sai an sake tunatarwa ba.

A wurin faɗa ko kuka ko yanke hukunci, gini ne kawai, ko da tauraron ƙarami ne a labarin. A nan ne ado ke yin ɓarna, don kowane karin magana yana ba mai karatu hutu a daidai inda ba a so ya huta. A wurin hira ta nishaɗi kuwa, kaka da jikoki da daddare, a buɗe buhun, nan ne gidan "ja'ira" da "mu a zamaninmu". Hasali ma wannan hirar ce ke tara jarin da za a kashe ranar fushi.

In ana sa ran za a karanta labarin a rediyo ko a naɗe shi a murya, akwai ƙarin dalilin kula da sunan kira. Mutum ɗaya ne yake karanta muryar kowa, mai sauraro ba ya ganin inda layi ya tsaya wani ya fara. In kowa a gidan yana da nasa sunan da yake kiran yarinyar, Kulu da Hauwa'u da Yaya Jidda, an san mai magana tun daga kalmar farko. Amma layi mai sirri irin "An dawo?" yana hannun mai karantawa, in ya karanta shi da fara'a ya kashe shi. A irin wannan hali a ƙarfafa aikin da ke gefensa.

Gwajin da nake yi a ƙarshe guda biyu ne. Na farko in ɗauki layin da aka gyara in sa shi a bakin wani a gidan. In ya zauna daram a bakin uwa ko yaya, gyaran bai yi ba. "Bari uban naki ya shigo" ba za ta zauna a bakin yayan ba, "duba wayarki" ba za ta zauna a bakin kakar ba. Na biyu in rubuta amsar Hauwa ba tare da na yi tunani ba, in ga me ya fito. Bayan layin asali abin da ke fitowa shi ne bayani, "Lacca ce ta tsayar da mu", kamar mai amsa tambayar malami. Bayan na buhun kalmomi zolaya ce ke fitowa. Bayan "Uku ke nan" na gwada amsa kala-kala, duk na goge su. Abin da ya zauna shi ne ta cire takalmi a hankali, ta durƙusa nesa da darduma, ta jira a sallame ta.